Darasi: Ƙuri'a da Tambaya a Shafin Shagon Littattafai

Shagon littattafan da ya buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ko ya tara abokan cinikinsa a zauren WhatsApp, yakan fara ne da ɗora hotunan bangon littattafai tare da farashinsu, kuma ba a daɗewa mai shagon yake lura cewa mutum dubu uku ko huɗu ke bin shafin, amma waɗanda hoton ke kai wa gare su ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Dalilin haka yana cikin yadda manhajojin suke zaɓar abin da za su nuna wa kowane mutum. Facebook ba ya jera wallafe-wallafe bisa lokacin da aka yi su. Yana auna kowace wallafa ne da yadda mutanen da suka fara ganin ta suka karɓe ta, idan sun tsaya sun yi magana a kanta sai ya ƙara nuna wa wasu, idan kuwa sun wuce ba su tanka ba sai ta nutse. A watan Janairun 2018 kamfanin ya bayyana a fili cewa zai fifita wallafar da ke jawo hira tsakanin mutane a kan tallace-tallacen shafukan kasuwanci, kuma tun daga lokacin shafin da ba a magana a cikinsa ya zama kamar rumfar da ke ƙarshen layi a kasuwa, wadda ba a bi ta gabanta sai an ɓata hanya.

Abin da ake kira mu'amala a wannan darasi shi ne duk wani motsi da mai karatu ya yi a kan wallafa, wato ya danna alamar so, ko ya rubuta tsokaci a ƙarƙashinta, ko ya tura ta ga wani, ko ya kaɗa ƙuri'a. Hanyoyi biyu ne suka fi sauƙin jawo wannan motsi. Ta farko ita ce ƙuri'ar jin ra'ayi, inda mai shago ke rubuta tambaya ya jera amsoshi, mai karatu ya taɓa ɗaya, manhaja kuma ta ƙirga da kanta. Ta biyu ita ce buɗaɗɗiyar tambaya, wadda ba a jera mata amsa, sai dai kowa ya rubuta tasa. Ƙuri'a ta fi tara jama'a domin ba ta cin lokaci kuma ba ta buƙatar mutum ya iya tsara jimla, amma buɗaɗɗiyar tambaya ta fi nauyi, saboda wanda ya zauna ya rubuta layi uku a kan littafin da ya karanta yana aji huɗu na firamare ya bayyana wa mai shago abin da ƙuri'a hamsin ba za su bayyana ba.

Inda ake kaɗa ƙuri'ar

Kowace manhaja da irin akwatinta, kuma bambancin da ya fi shafar ɗan kasuwa shi ne ko zai ga wanda ya kaɗa ƙuri'a ko ba zai gani ba. WhatsApp ya shigo da ƙuri'a a watan Nuwamban 2022. A cikin zaure ana taɓa alamar haɗa saƙo a zaɓi Poll, a rubuta tambaya, a jera amsoshi har goma sha biyu. Akwai wani maɓalli a ƙasa mai suna Allow multiple answers, wanda idan aka bar shi a kunne mutum ɗaya zai iya zaɓar amsoshi da yawa, don haka mai son sanin abu guda da mutum ya fi so dole ne ya kashe shi kafin ya tura. Bayan an fara kaɗawa, View votes yana nuna wa ya zaɓi me, kuma ba mai shago kaɗai ke ganin wannan ba, duk 'yan zauren suna gani. A tashar WhatsApp kuwa, wadda masu bi ba sa ganin lambobin juna, adadin ƙuri'u kawai ake gani ba tare da sunaye ba. A Instagram ana iya liƙa ƙuri'ar a kan Story, wanda ke ɓacewa bayan awa 24, amsoshinta ba sa wuce huɗu, mai shafin kuma yana ganin wanda ya zaɓi kowace amsa. A X ma amsoshi huɗu ne, ana iya barin ƙuri'ar a buɗe daga minti biyar zuwa kwana bakwai, amma ba wanda ke ganin masu kaɗawa. A Facebook ƙuri'a ta fi zama a cikin zauruka da kan Story, shi ya sa a kan shafin shago kansa buɗaɗɗiyar tambaya ta fi dacewa.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan amsar da za a samu. Inda ake ganin suna, mutum yakan zaɓi abin da ba zai ji kunyar a gan shi da shi ba, ta yadda idan aka jera littafin fiƙihu da littafin soyayya a zauren da malamin Islamiyya da surukai suke ciki, ba sai an jira sakamako ba an san wanda zai ci, ko da kuwa littafin ajiyar ciniki na shagon yana faɗin akasin haka. Inda ba a ganin suna an fi samun gaskiya, amma mai shago ba shi da hanyar bin wanda ya ce yana so ya sayar masa.

Tambayar da ake tanka mata

Tambaya irin ta "Kuna son karatu?" ba ta haifar da komai, domin kowa zai ce yana so, kuma amsar ba ta sauya ko da littafi ɗaya a kan kanta. Kafin a rubuta tambaya ya kamata mai shago ya san shawarar da amsar za ta yanke masa, ko wane littafi zai saro, ko wace rana zai riƙa aika kaya zuwa wani gari, ko kuma masu saye sun fi son Alƙur'ani mai tarjama babba ko ɗan madaidaici kafin azumi. Idan ba a iya ambaton wannan shawara ba, to tambayar ta hira ce kawai, kuma ko da yake hira ma tana da amfaninta wajen ɗumama shafi, bai kamata a ɗauki sakamakonta a tafi da shi wurin sari ba.

Buɗaɗɗiyar tambaya tana aiki ne idan amsarta tana nan kusa a bakin mutum, ba sai ya yi dogon tunani ba, kuma idan amsar ta shafi rayuwarsa shi kansa. "Wane littafi ne ya fi kowanne a adabin Hausa?" tambaya ce ta malaman jami'a, mai karatu na gari zai ji tsoron a yi masa gyara sai ya yi shiru. Amma idan aka ce "Wane littafin Hausa kuka fara karantawa har ƙarshe, kuma wa ya ba ku shi?", ba wanda zai iya yin kuskure a amsarsa, wani zai ambaci yayarsa, wani malamin Hausa na makarantarsu, wata kuma mai hayar littattafai ta layinsu, daga nan sai masu amsa su fara tanka wa juna, wanda shi ne ainihin abin da manhaja ke nema. A lura kuma da lamirin da aka yi amfani da shi: tambayar da aka rubuta da "ka" ta ware mata, alhali su ne manyan masu sayen littattafan hikaya, saboda haka "ku" ya fi, domin ya haɗa kowa kuma yana ɗauke da girmamawa.

Tambaya ba ta ƙarewa da tura ta. Sa'a ta farko bayan wallafa tana da muhimmanci, don haka mai shagon da ya tura tambaya da hantsi ya shiga hidimar masu saye bai dawo ba sai magariba ya bar baƙinsa a zaure ba wanda ya amsa musu sallama. Ya fi kyau a tura ta lokacin da akwai sukunin zama a amsa wa kowa da jimla mai ma'ana, kamar a gaya wa wadda ta ambaci wani tsohon littafi cewa har yanzu ana samun sa, ko a tambaye ta ko kashi na biyu ta karanta. A garuruwa da yawa bayan sallar isha'i ne mutane ke sararawa su duba waya, amma kowane shafi da jama'arsa, kuma sashen Insights na shafin shi ne ke nuna sa'o'in da mabiyansa suka fi shigowa.

Akwai wata gajeriyar hanya da take yaudarar mutane da yawa, wato a ɗora hotunan littattafai biyu a ce mai son na dama ya danna alamar zuciya, mai son na hagu ya danna alamar dariya, ko a ce kowa ya rubuta "Amin" ko ya kira sunan abokansa biyar. Tun watan Disamban 2017 Facebook ya sanar cewa zai riƙa danne irin waɗannan wallafe-wallafe da ke roƙon dannawa, kuma shafin da ya mayar da su ɗabi'a zai ga sauran wallafarsa ma ta ragu, amma ya ware wallafar da ke neman shawara ko taimako na gaskiya. Alamar cewa shafi ya faɗa wannan rami ita ce tsokaci ya yi yawa amma duk kalma ɗaya ce, sannan hoton sabon littafi da aka ɗora washegari ya kai ga mutanen da ba su kai na da ba.

Auna abin da aka samu

Ba a auna wallafa da yawan mabiyan shafi, ana auna ta ne da adadin mutanen da ta kai gare su, wanda ake nunawa da sunan Reach. Lissafin kuwa shi ne a raba jimlar mu'amala da wannan adadi, a ninka da ɗari. A ƙaddara shago mai mabiya 4,000 ya ɗora hoton bangon littafi, ya kai ga mutum 300, tara suka yi motsi a kai. Wannan kashi 3 cikin ɗari ke nan. A mako na gaba ya yi tambayar littafin farko da aka ambata a sama, ta kai ga mutum 900, aka samu mu'amala 63, wato kashi 7 cikin ɗari. Da an raba 63 ɗin da mabiya 4,000 da an samu abin da bai kai kashi 2 ba, mai shago ya ɗauka tambayar ta faɗi, alhali ta ninka isar hoton sau uku. Gwaji ɗaya dai ba ya isa hukunci, sai an kwatanta wallafe-wallafe da dama da aka yi a lokuta masu kama da juna.

Daga ƙuri'a zuwa sari

Wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne tazarar da ke tsakanin taɓa allo da ciro kuɗi daga aljihu. Misalin da ke tafe na koyarwa ne, alƙalumansa an ƙaddara su ne domin a ga yadda lissafin yake tafiya. Wani mai shago yana da zauren WhatsApp na abokan ciniki mutum 250, dogon hutun makarantu ya gabato, kuma jarin da ke hannunsa ba zai saro fiye da kwafi 60 na littattafan karatun yara ba. Ya kashe maɓallin amsa da yawa, ya tambayi iyaye wane littafi za su saya wa yaransu a wannan hutu, ya jera huɗu: Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi da Shaihu Umar. Bayan kwana biyu mutum 80 suka kaɗa, na farko ya samu 44, na biyu 20, na uku 10, na huɗu 6.

Wanda ya ɗauki wannan sakamako yadda yake zai ce kashi 55 cikin ɗari na son Magana Jari Ce, saboda haka ya saro 33 daga cikin 60, ya saro 15 na Ruwan Bagaja, ya raba ragowar 12 tsakanin sauran biyun. Kuskure uku ne ke ɓoye a nan. Na farko, littafin da ya fi suna yana jan ƙuri'ar tuna baya: uban da ya karanta labaran aku yana yaro zai taɓa sunan littafin don ƙauna, ko da kuwa akwai kwafi a gidansa tun na babban ɗansa. Na biyu, an sa shi a saman jeri, kuma mai sauri yakan taɓa abin da idonsa ya fara faɗawa a kai, musamman idan ya ga nan jama'a suka fi taruwa. Na uku kuma kuskuren mai tambaya ne, domin Magana Jari Ce na Abubakar Imam littattafai uku ne, ƙuri'ar ba ta ce na ɗaya ko na biyu ko na uku ba, ba ta kuma faɗi farashi ba, ta yadda mai zaɓa bai san ko kuɗin littafi ɗaya ya amince da shi ko na uku ba. Amsar da ba a rubuta farashi a gefenta ba tana auna sha'awa ne, ba niyyar saye ba.

Gyaran shi ne a ƙara mataki na biyu. Mai shagon ya sake rubutu a zauren ya gode wa masu kaɗawa, ya faɗi farashin kowane littafi da ranar da kaya za su iso, ya ce mai son a ajiye masa ya aiko saƙo ta gefe tare da kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake bayarwa a gaba don tabbatar da ciniki. A cikin 44 na farko mutum 11 suka biya, wato ɗaya cikin huɗu. A cikin 20 na Ruwan Bagaja 12 suka biya. A cikin 10 na Iliya Ɗan Maiƙarfi 5. A cikin 6 na Shaihu Umar mutum ɗaya. Littafin da ya zo na biyu da nisa a ƙuri'a shi ne ya zo na ɗaya a kuɗi. Kwafi 29 ke nan suka samu masu su tun kafin a je sari, saura 31 na masu shigowa shago da ƙafarsu, waɗanda yawancinsu ba sa cikin zauren, kuma game da su littafin ajiyar cinikin bara ya fi ƙuri'a sanin hali. Da ya duba ya ga Magana Jari Ce yana fita a hankali duk shekara, sai ya saro 24, Ruwan Bagaja 22, Iliya Ɗan Maiƙarfi 11, Shaihu Umar 3. Da ya bi lissafin farko, da kwafi tara sun yi kwantai a kan kanta suna shan ƙura, Ruwan Bagaja kuma uku kacal za su rage bayan an sallami masu ajiya. Littafi ba tumatir ba ne, ba ya ruɓewa, amma jarin da ya kwanta wata shida a lokacin da farashin takarda ke hawa ba zai sake saro adadin da ya saro da farko ba.

A wannan mataki akwai ladabin da ya kamata a kiyaye. Ganin sunayen masu kaɗawa a View votes ba izini ba ne na bin kowa ta gefe da tallace-tallace, musamman matan aure da ba su ba da lambarsu don haka ba. Wanda aka dama sau biyu yakan fice daga zauren ba sallama. Shi ya sa a misalin nan mai saye ne ke fara aiko saƙo. Idan kaya suka iso kuma, a ɗauki hoton kwalin a buɗe a tura zauren tare da ambaton cewa ga abin da aka zaɓa, domin jama'ar da suka ga ƙuri'arsu ta kawo littafi za su kaɗa ta gaba, waɗanda kuwa aka tambaya sau uku ba su ga komai ba za su daina taɓawa.

Ƙuri'ar da aka yi wa gayya

Haɗa marubuta biyu masu rai a ce wa ya fi wani ita ce ƙuri'ar da ta fi kowace tara jama'a, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Marubutan hikaya na zamani da yawa suna da zaurukan masoyansu, kuma da zarar labari ya kai can sai a yi gayya, mutanen da ba su taɓa sanin shagon ba su kwararo su kaɗa su tafi. Ana gane wannan idan ƙuri'ar da ke tafiya goma-goma a yini ta tashi da ɗari a cikin sa'a guda, ko kuma idan aka duba sunaye aka ga yawancinsu ba mabiyan shafin ba ne, suna garuruwan da shagon ba ya aika kaya. Da yawa daga cikinsu ma sun saba karanta littattafai a waya, shi ya sa tsokacin da ke biyo baya yakan zama na neman a turo musu su kyauta. Wanda ya yi sari bisa irin wannan adadi ya sayi kaya ne don baƙin da suka riga suka watse.

Ta fi wannan haɗari ƙuri'ar da ta gwama littattafan malaman addini masu saɓanin fahimta. Tsokaci zai yi yawa ƙwarai, lissafin mu'amala zai hau yadda bai taɓa hawa ba, amma abin da ke ƙarƙashin alƙaluman zage-zage ne, kuma shagon da ke sayar wa kowane ɓangare Ahalari da Ishmawi da Risala zai wayi gari an jingina shi ga ɓangare ɗaya. A sashen littattafan addini tambayar da ke da amfani ita ce ta siffar kaya: mai wasali ko marar wasali, mai tarjamar Hausa a gefe ko Larabci zalla, bango mai tauri ko mai laushi, babban rubutu na dattawa ko ƙarami na aljihu. Waɗannan su ne abubuwan da mai saye ke jujjuya littafi yana dubawa a gaban kanta, kuma amsarsu tana shiga kai tsaye cikin takardar odar da za a kai wa dila.

Yawan yi ma yana kashe abin. Zauren da ake tura wa ƙuri'a kullum yakan gaji, masu kaɗawa su ragu daga 80 zuwa 30 zuwa 'yan tsirarun da ke taɓa duk abin da aka turo, kuma ra'ayin mutum goma sha biyu da ba sa sauyawa ba ra'ayin masu saye ba ne. Shekarar shagon littattafai tana da lokutan sari sanannu, wato gabanin komawa makaranta a watan Satumba, gabanin azumi, lokacin da ɗalibai ke neman tambayoyin baya na JAMB da WAEC da NECO, da kuma dogon hutu, kuma ƙuri'ar sari tana dacewa ne mako biyu ko uku kafin kowannensu, gwargwadon kwanakin da kaya ke ɗauka kafin su iso daga Kano ko Zariya ko Legas. Tsakanin waɗannan lokuta buɗaɗɗiyar tambaya ɗaya a mako ta isa, a rubuta sunayen littattafan da aka ambata a tsokaci a bayan littafin ajiyar ciniki, duk wanda mutum uku daban-daban suka nema ba a same shi a shago ba a sa shi cikin jerin amsoshin ƙuri'a ta gaba, da farashinsa a gefe.